Yadda Ake Wanke Feda Mai Ƙara da Soket ɗin Jak a Tsohuwar Miksa

Duk wanda ya daɗe yana riƙe kayan sauti a Legas, ko na masallaci ne a Agege ko na haya da ake kaiwa walima da taron wa'azi a Idi-Araba da Mile 12, ya san cewa miksa, wato na'urar haɗa sauti, ba ta daɗewa a garin nan kafin ta fara ƙaraf-ƙaraf idan an ja feda, abin jan nan da ke ƙara ko rage ƙarfin sautin kowane layi. Dalilin yana cikin iskar garin. Ga danshi da ba ya rabuwa da ita, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, ga gishirin teku da take ɗaukowa, ga hayaƙin janareto da ke barin maiƙo a kan komai, sannan ƙurar hunturu ta zo wajen Disamba da Janairu ta manne a kan wannan maiƙon. Ruwan feshin da masu gyara ke kira kwantak kilina yana magance yawancin wannan matsala, amma sai an fara gane inda ƙarar take fitowa, an kuma zaɓi ruwan da ya dace da wurin, domin abin da ke gyara soket yana iya lalata feda.

Gano inda laifin yake

Kafin ka taɓa gwangwanin feshi, ka zauna da miksar a wuri marar hayaniya, ka cire ta daga amfilifaya, ka sa hedifon a kunne da ƙarfin sauti kaɗan. Kana bukatar sauti mai tafiya ɗaya wanda ba ya hawa ba ya sauka, kuma mafi sauƙi shi ne ka kunna amon gwaji na 1 kHz daga wayar hannu ka shigar da shi layin da ake zargi. Waƙa ko karatu ba su dace da wannan gwaji ba, saboda hawa da saukarsu suna ɓoye ƙananan yankewar sauti.

Galibin miksoci suna da maɓalli a kowane layi da aka rubuta PFL a kansa, kuma aikinsa shi ne ya kai maka sautin layin a hedifon tun kafin sautin ya isa feda. Wannan maɓalli shi ne babban mai taimakonka. Idan ka danna shi ka ji sautin tsaf, sannan ka sake shi ka saurari babban fitarwa ka ji ƙara a duk lokacin da ka motsa feda, to laifin yana fedar ko abin da ke bayanta, wato maɓallin kashe layi da maɓallan raba sauti. Idan kuwa ƙarar ko yankewar tana nan ko da PFL a danne, feda ba ta da laifi, sai ka koma baya ka duba soket ɗin shigarwa, da maɓallin GAIN mai daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa, da soket ɗin INSERT, wanda bayaninsa ke zuwa a gaba.

Akwai gwaji na biyu da bai kamata a tsallake ba. Ka cire sautin gwajin gaba ɗaya, ka rage GAIN zuwa ƙasa, ka ja fedar sama da ƙasa ba tare da komai yana shiga layin ba. Fedar da datti kaɗai ya dame ta takan yi shiru ko kusan shiru a wannan hali, domin ba ta da sautin da za ta yanke. Amma idan har yanzu kana jin shuu-shuu ko ƙara mai ƙarfi tana bin hannunka, da alama wutar da ba ta sauyawa, wadda ake rubuta DC a kan mita, tana ratsowa zuwa fedar, kuma yawanci tsohon kafasito ne ya fara yoyo. Irin wannan ko gwangwani guda ka juye ba za ta warke ba, ƙarar za ta ɗan lafa na kwana biyu ta dawo. Aikin mai gyara ne ya auna ƙafafun fedar da mita ya canja kafasiton.

Ruwan da za ka saya, da wanda za ka guje wa

A cikin feda akwai shimfiɗar kabon mai sirantaka a kan ɗan allo, da wasu 'yan yatsun ƙarfe masu laushi da ke gogar ta, sannan akwai sanda ko hanyar da abin jan yake zamewa a kai, wadda masana'anta suka shafa wa giris. Wannan giris ɗin ne ke sa feda ta yi tafiya mai santsi da ɗan nauyi a hannu. A soket ɗin jak kuwa, wato ramin da ake zura fulogin kebul, ba kabon ba giris, ƙarfe ne zalla mai rufin nikel ko makamancinsa, kuma abin da ke damun sa shi ne dusashewa da tsatsa. Saboda haka ne ruwa ɗaya ba ya yi wa duka biyun.

Ruwan feshin ya kasu gida uku a aikace. Na farko shi ne mai wankewa ya bushe ƙaf ba ya barin komai, kuma alkohol na aisofurofil mai kashi 99 cikin ɗari yana cikin wannan gida. Na biyu shi ne mai narkar da tsatsar ƙarfe, irin su DeoxIT D5 da Kontakt 60, waɗanda aka yi don soket da maɓalli. Shi Kontakt 60 yana da ƙarfi, kuma masu yin sa sun tanadi wani ruwan ɗauraya mai suna Kontakt WL da ake bi da shi a baya don kada a bar shi a kan ƙarfen. Na uku shi ne wanda aka yi musamman don feda, mai wankewa ya kuma bar ɗan santsi, kamar DeoxIT F5. Idan ka je kasuwar Alaba a Ojo, inda aka fi samun kayan sauti, ka karanta jikin gwangwanin da kanka, ka tabbata an rubuta cewa ba ya cin roba, kuma kada ka karɓi gwangwanin da ba shi da siririn bututun feshi, domin ba tare da shi ba ba za ka iya kai ruwan inda kake so ba.

Abin da na fi gani yana kashe feda a wurinmu shi ne WD-40 na gama-gari da ake fesa wa kwaɗo da ƙusa mai tsatsa. A ranar da aka fesa shi ƙarar takan ɗauke, mai kayan ya yi murna, amma man da yake bari yana kama ƙura, bayan 'yan makonni fedar ta koma taɓo daga ciki. Kamfanin yana da wani gwangwani dabam na wanke kayan lantarki, kuma ba ɗaya suke ba ko da yake sunan ya yi kama. Haka nan fetur da kananzir da tina da ruwan wanke kafireta duk ba su da wurin zama a nan, domin suna iya narkar da roba ko su ɓata shimfiɗar kabon. Alkohol na kemis mai kashi 70 ma bai dace ba, saboda sauran kashi 30 ɗin ruwa ne, kuma a danshin Legas ba ya saurin bushewa.

Ban da ruwan, ka tanadi burushin fenti mai laushi sabo, da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara ko agogo, da ƙyalle fari mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da tocila, da fulogin jak na milimita 6.35 mai zobe biyu baƙaƙe a jikinsa, wato mai kai da zobe da jiki, wanda shi ma yake da tsabta. Kada ka kai miksa wurin mai faci ya hura mata iskar kwamfuresa, domin wannan iskar tana tafe da ruwa da mai, kuma ƙarfinta yana iya lanƙwasa 'yan yatsun fedar.

Wanke feda

Ka kashe amfilifaya ko sifikoki masu wutar kansu tukuna, sannan ka kashe maɓallin 48V, mai ba wasu makirufo wuta, idan yana kunne, ka kashe miksar, ka zare fuloginta daga bango gaba ɗaya. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba, kuma ɗaukewar wutar unguwa ba tsaro ba ne, tunda ana iya dawo da ita ko a tayar da janareto kana tsakiyar aiki. Yawancin waɗannan ruwaye suna kama wuta, don haka ka yi aikin a wurin da iska ke shiga, nesa da risho da kyandir da maganin sauro na kunnawa.

Matakin farko busasshe ne, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. Ka zare kan fedar, wanda a yawancin miksoci jan sa sama kawai ake yi, ka share bakin tsagar da burushi kana kore ƙurar gefe, ba cikin ramin ba. Daga nan ka karkata miksar ka hura tsagar da robar iska, ka kai abin jan can sama ka hura ƙasa, ka dawo da shi ƙasa ka hura sama. Hikimar ita ce duk ƙurar da ka bari a ciki za ta haɗu da ruwan ta zama kwaɓi, kuma idan akwai tsakuwar yashi a cikinta, 'yan yatsun ƙarfen za su riƙa jan ta a kan kabon suna karce shi. Wani lokaci wannan hurawar kaɗai, tare da jan fedar sama da ƙasa sau ashirin, takan kawar da ƙarar, musamman a layukan da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma idan haka ta faru sai ka tsaya nan, ba sai ka fesa komai ba.

Idan ƙarar tana nan, ka haska tsagar da tocila. A wasu fedoji za ka hango shimfiɗar kabon a ƙasa, a wasu kuma an ajiye ta a gefe don kada ƙura ta faɗa kanta kai tsaye, kuma da yawa suna da ɗan ƙyalle ko roba mai kare ƙura a bakin tsagar, wanda za ka ratsa a hankali ba tare da ka yaga shi ba. Ka kai abin jan ƙarshen ƙasa, ka shimfiɗa ƙyalle a gefen tsagar don kare fenti da rubutun fuskar miksar, ka zura bututun kaɗan, ka danna gwangwanin ruwan feda dannawa ɗaya gajeriya da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ka mayar da abin jan sama ka yi irin wannan a ɗaya ɓangaren. Iyakar ruwan ke nan. Idan ka ga yana tsiyaya daga ƙasan miksar ko yana malala zuwa fedar da ke kusa, ka wuce gona da iri. Wasu gwangwanayen suna da kai mai juyawa da ke rage ƙarfin feshi, kuma idan naka yana da shi ka sa shi a mafi ƙanƙanta.

Nan take, tun ruwan bai bushe ba, ka ja fedar daga ƙasa zuwa sama cikakkiyar tafiya, sau ashirin zuwa talatin, a natse ba da fizga ba. Ruwan tausasa dattin kawai yake yi, gogar yatsun ƙarfen ce ke ɗauke shi daga hanya ta tura shi ƙarshen shimfiɗar inda ba ya cutarwa. Ka kula da abin da hannunka ke ji: tafiyar da ta fara da kaushi ya kamata ta yi laushi. Idan ka yi amfani da ruwa mai bushewa ƙaf, za ka iya jin fedar ta yi sako-sako ko tana karta, alamar giris ya wanke ke nan, sai ka bi da ɗigo ɗaya na ruwan feda mai santsi. Fedar da aka bari a bushe tana cin kanta da sauri.

Sai jira. Ruwan yakan bushe cikin mintoci kaɗan a sarari, amma cikin feda rufe yake, kuma iskar damina a Legas ba ta taimakawa, don haka ni nakan ba ta aƙalla rabin awa a gaban fanka kafin in mayar da wuta. Kada ka gajarce jiran da abin busar da gashi mai zafi. Bayan haka ka maimaita gwajin amon 1 kHz a hedifon, kana jan fedar a hankali sosai, domin jan sauri yana tsallake wuraren da suka lalace.

Idan ƙarar ta ragu amma ba ta ƙare ba, kana iya sake zagaye ɗaya. Idan bayan na biyu sautin yana yankewa a wuri guda tak a kullum, kuma galibi wurin yana kusa da alamar 0 inda fedar ta shafe shekaru tana aiki, to kabon ne ya cinye a nan, kuma babu ruwan da ke mayar da kabon. Sai canji, kuma wajen sayen sabuwa dole ka dace da tsawon tafiyarta, wanda yawanci milimita 60 ne ko 100, da ƙimarta da aka buga a jikinta kamar 10K, da irin yadda ƙimar ke sauyawa a tsawon tafiyar, da tsarin ƙafafunta. Mafi aminci shi ne mai gyara ya cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa. Manyan miksocin situdiyo masu fedar roba mai ɗaukar wuta, irin ta Penny & Giles, da masu feda mai mota, ba a yi musu wannan feshi ta tsaga; buɗe su ake yi a wanke bisa umarnin masana'anta.

Wanke soket ɗin jak

A nan ƙa'idar ita ce a jiƙa fulogi, ba ramin ba. Idan ka fesa kai tsaye cikin soket, ruwan yana wucewa ya sauka kan allon lantarki ya tara ƙura a can. Ka fesa ɗan ruwa mai narkar da tsatsa a jikin fulogin nan mai tsabta har ya yi sheƙi ba ya ɗiga, ka zura shi har ƙarshe, ka juya shi hagu da dama, ka zare, ka goge a farin ƙyalle. Za ka ga baƙin layi ko toka-toka a ƙyallen, kuma wannan ne dattin da ke hana sauti wucewa. Ka sake jiƙawa ka maimaita, sau goma zuwa ashirin, har ƙyallen ya daina baƙi, sannan ka ƙare da busasshen fulogi don kwashe ragowar ruwan. Auduga a tsinke ba ta da kyau a nan domin takan bar zare a maƙale a ƙarfen, takardar gogewa kuwa tana cire rufin ƙarfen, tsatsa ta dawo fiye da da.

Soket ɗin INSERT yana bukatar bayani na musamman, domin shi ne ya fi ruɗa mutane. An yi shi ne don a fitar da sautin layi zuwa wata na'ura a dawo da shi, kuma idan ba a zura komai ba, wasu ƙananan ƙarafa biyu a cikinsa suna manne da juna suna barin sautin ya wuce. Ma'ana, sautin layin yana bi ta cikin wannan soket a kullum, ko da ba a taɓa amfani da shi ba tun da aka sayi miksar, kuma rashin amfanin ne ma ke sa mahaɗar ta dusashe, tunda babu abin da ke gogar ta.

Ga misalin yadda abin ke bayyana. A ce miksa ce mai layi 16 a wani masallaci a Agege, makirufon liman yana layi na 1. Da asuba sautin yakan fito ƙasa-ƙasa yana shaƙewa, ko ya ɗauke gaba ɗaya, sai ladan ya buga kan makirufon da yatsa ko ya ɗaga murya, sautin ya dawo garau kamar ba abin da ya faru. An canja makirufo, an canja kebul, an fesa fedar har sau biyu, ba a ga canji ba. Mai dubawa zai fara mayar da makirufon da kebul ɗinsa layi na 2, ya ji lafiya lau, ya san laifin yana cikin layi na 1. Ya danna PFL, ya ji shaƙewar tana nan, ya san feda ba ta ciki. Dawowar sauti idan an yi ƙara mai ƙarfi alama ce ta mahaɗar ƙarfe da ta dusashe, domin sauti mai ƙarfi yana keta siririn rufin tsatsar na ɗan lokaci. Sai ya ɗauki fulogi mai kai da zobe wanda aka haɗa kan da zoben da 'yar waya a cikinsa, ya zura a INSERT. Wannan fulogi yana tsallake ƙarafan cikin soket ɗin ya ba sautin wata hanya, kuma idan sautin ya tsaya daram da shi, an kama mai laifi.

Maganin shi ne zura jiƙaƙƙen fulogi da zare shi sau da yawa, domin kowace zurawa tana buɗe ƙarafan, kowace zarewa tana rufe su su ɗan gogi juna. Da yake fulogin ba ya taɓa ainihin fuskar mahaɗar, a wannan soket kaɗai ana iya ƙara ɗigo ɗaya ta bututu, fulogin yana rabin shiga, a karkata miksar yadda rarar za ta gangaro waje. Tunda an zauna aikin, ya kyautu a bi dukkan soket ɗin INSERT na sauran layukan, har da na babban fitarwa idan miksar tana da su, domin shekarunsu ɗaya kuma iska ɗaya suka sha. Na babban fitarwa idan ya dusashe, ɓangare guda na sifikoki ne ke ɗaukewa.

Akwai matsaloli biyu na soket da ruwa ba ya gyarawa. Idan fulogi yana shiga sako-sako ba ka jin ɗan ƙas ɗin da yake yi idan ya zauna, ƙarfen ya gaji, sai dai a canja soket. Idan kuma bayan wanki sautin yana yankewa duk lokacin da ka tura fulogin gefe, kuma kana jin soket ɗin kansa yana motsi, dalmar da ta riƙe ƙafafunsa a allo ce ta tsage, abin da ya zama ruwan dare a miksar haya da ke shan jijjiga a bayan mota, ko wadda ake barin nauyin kebul yana rataye a bakinta. Wannan sai an buɗe an sake narka dalma. Idan miksar tana da na'urar wutarta a ciki, wadda 230V ke shiga kai tsaye, manyan kafasitocinta suna iya riƙe caji bayan an zare fulogi, don haka wanda bai saba ba ya bar wa mai gyara buɗewar.

Bayan an gama

Wajen mayar da kaya, ka kunna miksa tukuna da dukkan fedoji a ƙasa, amfilifaya a ƙarshe, kuma ka fara da ƙaramin sauti, domin ragowar ƙara ɗaya mai ƙarfi tana iya ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Ka goge fulogan kebul ɗinka su ma da ɗan alkohol, tunda fulogin da ya sha ƙasa a filin taro zai mayar da dattin cikin soket ɗin da ka wanke. A rufe miksa da ƙyallen auduga idan ba a aiki, ba leda ba, saboda leda tana tara gumi a ƙarƙashinta, kuma kada a ajiye ta a ƙasan siminti ko kusa da inda janareto ke fitar da hayaƙi. Sau ɗaya a mako, a ja kowace feda cikakkiyar tafiya 'yan lokuta, har da na layukan da ba a amfani da su, a kuma zura busasshen fulogi a kowane INSERT sau ɗaya a wata. Fedar da ba ta ƙara kuwa a bar ta yadda take, kada a fesa mata komai da sunan rigakafi, domin kowace fesawa tana rage mata giris ɗin da ta zo da shi.